Lafiyar Iyali: Ranar da takalmin Nazifi ya ƙi shiga

Yau labari na kawo muku. Sunayen da ke ciki ba na gaskiya ba ne, kuma ba labarin mutum ɗaya ba ne. Na harhaɗa shi daga irin abin da muke gani a ɗakin marasa lafiya. Ki karanta har ƙarshe, don a ƙasa na yi bayanin abin da uwa za ta iya ganewa tun daga gida.

Gajiyar kasuwa

Nazifi yana da shekara 27. Tun yana ɗan sha bakwai yake Kantin Kwari. Da dakon dilar atamfa ya fara, ya zama yaron shago, har ubangidansa ya yaye shi ya kama ɗan shagonsa a saman bene. An kai kuɗin aurensa, an sa rana bayan Babbar Salla. Yarinyar Hafsa ce, 'yar ƙanwar ubangidan nasa.

Tun zamanin dako ya saba da wani abu. Da safe kafin ya buɗe shago, mai tallan magani zai miƙo masa ƙullin ƙwayoyi a leda, wanda suke kira haɗi. Da yamma in ƙugu ya riƙe sai ya ƙara. Bai taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba. Abin da ya sani shi ne in ya sha jiki yana saki. Shekara kusan takwas ke nan.

Gajiya ce ta fara zuwa. Benen da yake hawa a guje da dila a kai, yanzu ba ya ɗauke da komai amma sai ya tsaya a tsakiya ya dafa bango. Ana cikin ciniki hamma ta kama shi. Da dare kuma barcin ba ya nisa, don sai ya tashi fitsari sau uku.

Umma ta lura ya rage cin abinci.

"Kai, wannan tuwon da ka bari fa? Ko don ba Hafsa ce ta tuƙa ba?"

Ya yi murmushi. "Wallahi Umma bakina ne ba daɗi. Ga kasala."

"Shawara ce ta tarar maka. Kai da kake yini cikin zafin nan."

Washegari ta aika aka sayo saiwoyi, ta jiƙa masa a jarka. Ya sha na mako biyu. Ya yi gudawa, Umma ta ce dattin ne yake fita. Kasalar dai tana nan.

Ranar wata Juma'a ya yi wanka, ya sa shaddarsa, ya ɗauko takalmin da ya saya wata biyu da suka wuce. Ƙafar dama ta shiga da ƙyar, ta hagu ta ƙi. Ya zauna a bakin gado yana kallon ƙafafunsa. Idon sawu ya ɓace gaba ɗaya. Daga ƙarshe silifas ɗin wanka ya sa ya tafi masallaci, da ya dawo igiyar silifas ɗin ta bar masa shata a kan ƙafa kamar an ɗaure shi.

Gidan ya rabu biyu. Umma ta ce tsayuwar kasuwa ce. Gwaggo Asabe, yayar mahaifinsa, ta kalli ƙafar ta girgiza kai.

"Yaro ya buɗe shago, an sa masa rana, sannan ƙafa ta kumbura? Ku dai bincika. Wani abu ya tsallaka."

Nazifi bai bi ta kowa ba. Ranar Asabar ya biya kemis ɗin bakin layi. Mai kemis ya taɓa goshinsa, ya ce taifod ce da maleriya, kuma jikinsa ya yi rauni, sai an yi masa ƙarin ruwa. Aka rataya masa leda biyu, aka yi masa allurar kashe ciwo. Ba a auna jininsa ba, ba a duba fitsarinsa ba.

A daren nan bai iya kwanciya ba. Da ya miƙe sai ya ji kamar an ɗora masa dila a ƙirji. Ya jingina da bango yana jan numfashi. Umma ta ji motsi ta shigo da man zafi, ta zauna ta ɗora ƙafarsa a cinyarta tana shafawa. Ta danna ƙaurinsa da babban yatsa, ta ɗauke hannu, sai ta ga wurin ya lotsa kamar ta danna malmalar tuwo. Ta jira ya ciko, bai ciko ba. Ta ɗago ta kalli fuskarsa a hasken tocila, ƙasan idanunsa ya tasa.

Ta ajiye man zafin.

"Tashi. Kira ƙaninka ya samo mana adaidaita. Asibiti za mu."

A asibiti

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su ta ɗaura masa abin awon jini a damtse. Ta duba, ta sake aunawa a ɗaya hannun.

"Malam, an taɓa ce maka kana da hawan jini?"

"Ni? Sista, shekarata nawa?"

"178 bisa 110 nake gani. Yaushe rabonka da awo?"

Ya yi shiru. Ba a taɓa auna shi ba.

Ta ba shi 'yar kwalba ya kawo fitsari. Fitsarin na da kumfa a sama kamar an zuba sabulu. Ta tsoma wani ɗan tsinken takarda, cikin minti ɗaya launinsa ya sauya. Ta rubuta a kati, aka ɗebi jininsa, aka yi masa allurar da ke sa fitsari. Kafin asuba ya yi fitsari mai yawa, numfashi ya sauka, barci ya ɗauke shi a zaune.

Bayan kwana biyu, da sakamako ya fito aka kuma yi hoton ciki, likita ta zaunar da shi da Umma.

"Nazifi, ƙodarka ce ba ta aiki yadda ya kamata."

Umma ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Likita, amma bai taɓa cewa bayansa na ciwo ba."

"Haka ciwon yake, Hajiya. Yawanci ba ya zuwa da ciwon baya. Bari in kwatanta miki da abin da kika sani. Kina tace gasara?"

"Kullum."

"To ƙoda matata ce. Jini ke bi ta cikinta dare da rana, ta riƙe mai amfani, ta fitar da datti da gishiri da ruwan da ya yi yawa su zama fitsari. In matatarki ta tsufa, abu biyu ke faruwa: wani wurin ya toshe ruwa ya ƙi wucewa, wani wurin ya yage abin da bai kamata ya wuce ba ya zube. Duka biyun sun faru da tasa. Gishiri da ruwa sun taru a jiki, shi ne kumburin ƙafar. Furotin kuma, wanda ya kamata ya zauna cikin jini, yana zuba a fitsari, shi ne kumfar da yake gani."

Nazifi ya ce, "To gajiyar fa?"

"Ƙoda tana da wani aikin da mutane ba su sani ba. Ita ce ke aika sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini. In ta raunana, saƙon ya ragu, jini ya yi ƙasa. Awon yawan jininka 27 ne, na namiji lafiyayye yana kai 40 ko fiye. Shi ya sa bene yake gagararka."

Ta juyo da takardar ta nuna masa wata lamba.

"Wannan dattin da ake aunawa a jini, sunansa kiriyatinin. Na namiji kamarka ba ya cika wuce 110. Naka 310 ne. Da shi muke lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. Matashi lafiyayye yana da 90 ko sama. Kai kana wajen 23. Ka ɗauka kamar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na aikin ne ya rage. A matakai biyar na ciwon, kana na huɗu."

"Zai dawo?"

Likitar ba ta yi gaggawar amsawa ba.

"Za mu maimaita gwajin cikin makonni masu zuwa, don wani ɓangaren na iya zama daga allura da jiƙon da ka sha kwanan nan, wannan zai iya ɗan gyaruwa. Amma hoto ya nuna ƙodojin sun ƙanƙance, kuma hakan ba ya faruwa a mako ɗaya ko wata ɗaya. Abin da ya riga ya zama tabo ba ya komawa. Aikinmu yanzu shi ne mu tsare abin da ya rage."

Umma ta ce, muryarta na rawa, "Jiƙon da na ba shi ne?"

"A'a Hajiya, ciwon ya girmi jiƙonki da shekaru. A matasa sau da yawa kumburin matatar ƙoda ne ke farawa a ɓoye, ya jawo hawan jini; wani lokacin hawan jinin ne ke farawa ya ci ƙodar. Kowanne ya riga, suna ciyar da juna. Ƙwayoyin ciwon jikin da yake sha kullum sun ƙara wa wutar itace. Jiƙon kuwa daga yau a daina, don ba mu san abin da ke ciki ba, kuma ƙodar ce za ta yi fama da fitar da shi."

Nazifi ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago, tambaya ɗaya ya yi.

"Likita, wankin ƙoda za a fara min?"

"Ba yanzu ba. Ana maganar wanki ne in lambar ta faɗi ƙasa da 15, kuma ko a nan sai an duba yadda jiki yake. Ba zan yi maka alkawarin ba za a kai can ba. Amma akwai bambanci tsakanin a kai can baɗi da a kai can bayan shekaru, kuma yawancin bambancin yana hannunka da hannun mai yi maka girki."

Maganar da ta fi nauyi

Ranar da aka sallame shi, a cikin adaidaita, ya matso kusa da Umma.

"Kada a gaya wa gidan su Hafsa. A ce taifod ce. In an ɗaura aure na gaya mata."

Umma ba ta ce komai ba sai da suka shiga gida. Ta zauna a kan tabarma, ta cire mayafi.

"Da ƙanwarka Zainab ce za a aura wa mai irin wannan lalura, aka ɓoye mana, me za ka ce?"

Bai amsa ba.

"Yarinyar nan ita za ta riƙa dafa maka abinci. Ita za ta san ranar asibitinka. In ka fara zama da ita da ƙarya, da me za ka ƙarasa? Ka je ka samu Alhaji da bakinka. In rabonka ce ba mai hana ka."

Ya je. Alhaji ya saurare shi har ya gama, ya ce a ba shi mako guda. Makon nan Nazifi bai ga tsawon mako irinsa ba. Amsar da ta dawo ita ce a ɗaga biki wata huɗu a ga yadda jiki zai yi, kuma Hafsa ta ce a tambayi likita ko za ta iya biyo su ranar asibiti ta ji da kunnenta.

A gida kuwa tukunya ce ta canza. Umma tana ɗibar masa miyarsa kafin ta sa gishiri da magi. Ta ƙara daddawa da tafarnuwa da citta da albasa don ɗanɗano. Kwanakin farko ya yi ta ɓata fuska, ya ce kamar ruwan wanke kwano. Bayan wata guda, da ya ɗanɗana miyar gidan biki, shi da kansa ya ce gishiri ya yi yawa. Yajin tsire, kilishi, taliyar leda da lemon ƙara kuzari duk ya bar su. Nama bai daina ba, an dai rage masa. Ya sayi abin awon jini ya ajiye a shago, kusa da littafin bashi, yana rubuta lambar kowace safiya. Mai tallan haɗi ya zo sau biyu, a na uku bai tsaya ba.

Abin bai tafi sumul ba. A wata na biyu, da kumburi ya sauka ya ji ƙarfi, sai ya bar maganin hawan jini kwana goma, wai ya warke. Ƙafa ta sake tasowa, awo ya koma 165 bisa 100. Sistar da ta karɓe shi ranar farko ta dube shi ta ce, "Malam Nazifi, maganin ne ya sa ka ji ka warke. Ka ajiye shi, ka ajiye lafiyar." Bai sake ba.

Bayan wata shida awon jininsa 130 bisa 82, yawan jini ya hau 33, lambar ƙoda tana 25. Ba ta koma 90 ba, kuma ba za ta koma ba. Amma ta daina gangarowa.

Ranar ɗaurin aure ya ɗauko takalmin nan daga ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe ƙura. Ya shiga. Umma na tsaye a bakin ƙofa tana kallo, sai ta juya ta koma wajen tukwane, tana goge ido da bakin zane.

To, mu dawo gare mu

'Yar'uwa, abin da nake so ki riƙe daga labarin nan ɗaya ne: ciwon ƙoda yana daɗewa bai yi magana ba. Allah ya ba mu ƙoda biyu da rarar ƙarfi mai yawa, shi ya sa mutum zai iya rayuwa lafiya da guda ɗaya. Wannan rarar ce kuma ke ɓoye ciwon. Mutum zai iya rasa rabin aikin ƙodarsa yana zuwa kasuwa bai ji komai ba. Lokacin da ƙafar Nazifi ta kumbura, ciwon ya riga ya yi shekaru. Samari kuwa ba sa zuwa asibiti. Mu mata awon ciki yana sa a auna jininmu a duba fitsarinmu. Ɗanki namiji zai iya kai shekara talatin ba a taɓa ɗaura masa abin awo ba.

Yadda za ki duba kumburi

Ki sa babban yatsa a kan ƙashin ƙauri, ɗan sama da idon sawu, ki danna a hankali ki ƙirga zuwa biyar, ki ɗauke. In wurin ya lotsa ya zauna, ruwa ne a jiki. Ki duba ƙafafun biyu. Sannan ki kalli fuskarsa da sassafe kafin ya fita: in ƙasan ido yana tasawa da safe ya sauka da rana, ƙafa kuma ta fi kumbura da yamma, wannan ba tsayuwar kasuwa ba ce kawai. Ki tambaye shi fitsari, ko da zai ji nauyi. In kunya ta hana, ki sa mahaifinsa ko yayansa. Kumfar da ake nufi ita ce mai kauri wadda ba ta bajewa ko an jima, kuma kusan kullum ake ganinta. Kumfar da ƙarfin zubar fitsari ya tayar ta ɓace nan take ba ita ba ce.

Ki sani ba kowane kumburi ne ƙoda ba. Ciwon zuciya da ciwon hanta su ma suna kumbura ƙafafu biyu. Ƙafa ɗaya tak da ta kumbura tana zafi, wannan wata matsala ce daban, kamar gudan jini a jijiya ko ƙwayar cuta, ita ma ba ta jira. Mai juna biyu kuma da fuska da hannu suka kumbura, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, ta tafi asibiti a ranar. Aikinki ba gano sunan ciwon ba ne. Aikinki ki gane cewa wannan kumburin ya wuce man zafi.

Gwaji uku da za ki nema

Na farko awon hawan jini. In an auna a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko sama, hawan jini ne, ko shekarar mutum ashirin. Hawan jini a matashi kuwa dalili ne na a duba ƙoda.

Na biyu gwajin fitsari da tsinken takarda, don a ga ko akwai furotin ko jini. Minti kaɗan yake ɗauka, kuma yana cikin gwaje-gwaje mafi araha. Zazzaɓi ko ciwon mafitsara na iya sa furotin ya fito na ɗan lokaci, don haka in an gani sau ɗaya sai a maimaita.

Na uku gwajin jini na kiriyatinin. A takardar sakamako za ki iya ganin an rubuta eGFR da lamba a gabansa, ita ce lambar ƙarfin tacewa da likita ta nuna wa Nazifi. In ba a rubuta ba ki ce likita ya lissafa miki. In ta zauna ƙasa da 60 har wata uku, ko furotin ya ci gaba da fita a fitsari tsawon wannan lokacin, ana kiran sa daɗaɗɗen ciwon ƙoda. Daga 30 zuwa 59 mataki na uku ne, 15 zuwa 29 na huɗu, ƙasa da 15 na biyar. Da an kama Nazifi yana 55, da labarin ya sha bamban.

Duk mai hawan jini, mai ciwon suga, mai sikila, da wanda a danginsa aka taɓa yin ciwon ƙoda, ya kamata ya yi waɗannan gwaje-gwajen sau ɗaya a shekara ko yana jin garau. Haka wanda ya daɗe yana shan maganin ciwon jiki.

Maganar ƙwayoyin ciwon jiki

Waɗanda nake nufi su ne dangin diklofenak da ibufurofen da firoksikam, kuma su ne aka fi cusawa cikin haɗin da ake ƙullawa a leda. Yadda suke kashe ciwo, haka suke rage jinin da ke shiga ƙoda, suna kuma sa jiki riƙe gishiri ya tayar da hawan jini. Mai lafiya da ya sha na kwana biyu ko uku bisa ƙa'ida, yawanci ba abin da zai same shi. Haɗarin yana ga mai sha kullum, da mai sha cikin zafin rana jiki ba ruwa, da mai gudawa ko amai, da wanda ƙodarsa ta riga ta raunana bai sani ba. Ki tuna 'yan dako, 'yan adaidaita, magina da manoma a gidajenmu. Mu ma mata ba mu fita ba, masu shan su don ciwon mara da ciwon baya wata da watanni. Farasitamol ya fi sauƙi ga ƙoda in ba a wuce ƙa'ida ba. Ciwon da ya sa mutum shan magani kullum kuwa, shi kansa yana bukatar a duba shi.

Kurakurai biyu da muke yawan gani

Na farko ƙarin ruwa. Mun ɗauka duk mai kasala ruwa yake bukata. Amma wanda ƙafarsa ta kumbura ruwa ne ya riga ya yi masa yawa. In aka ƙara masa leda biyu ƙodar ta kasa fitarwa, sai ya taru a huhu, kamar yadda ya faru da Nazifi. Kada ki yarda a rataya wa mai kumburi ruwa ba tare da likita ya duba shi ba. In kuma numfashi ya fara gagararsa a kwance, ko fitsari ya ragu sosai, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya fara ruɗewa, ba a jiran gari ya waye.

Na biyu, a ce ya yi ta shan ruwa don ya wanke ƙodar. Mai lafiya da ke aiki cikin zafi, e, ya sha ruwa isasshe, wannan kariya ce. Amma mai kumburi, likita ne zai faɗa masa adadin da zai sha. Haka maganar ayaba, dabino, lemo da tumatir: wasu masu ciwon ƙoda ana rage musu saboda wani sinadari mai suna fotasiyam da ke taruwa a jini, wasu kuma ba a hana su. Gwajin jini ne ke rabewa, ba maganar maƙwabta ba.

Gishiri ne kaɗai zan ce kowa ya rage tun yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da wanda ke cikin magi, yaji, burodi da abincin gwangwani. Ki gwada zare dunƙule ɗaya daga miyar yau. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Wankin ƙoda, wanda a ƙa'ida sau uku ake yi a mako, kowane zama kusan awa huɗu, yana riƙe rai, kuma akwai masu yin shekaru a kansa ko a yi musu dashe. Amma duk wadda ta taɓa jinyar mai wanki ta san abin da yake ci na kuɗi da ƙarfi. Tsakanin lafiya da wannan kujerar akwai shekaru masu yawa da awon jini da 'yar kwalbar fitsari za su iya canza komai.

Don haka aikin gida na wannan makon: in kina da saurayi a gida, ko maigida, da ba a taɓa auna jininsa ba, ki sa a auna kafin Juma'a mai zuwa, ki rubuta lambar da kwanan wata. Wadda ke da tambaya ta ajiye a ƙasa, zan tattara in amsa a fitowa ta gaba, sai dai kada ku sa sunan marar lafiya ko hoton takardarsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana zuri'a.